Shekara guda kafin bak: yadda kandida libir zai tsara karatunsa a Damagaram

A Nijar ƙofar jami'a ita ce bak. Ko Jami'ar André Salifou ta nan Zinder kake hange, ko Abdou Moumouni ta Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo ta Maraɗi, sai da takardar bak a hannu za a saurare ka. Wannan jagora na rubuta ta ne domin ƙanena da ya gama tarminal, bai samu ba, kuma ba zai koma aji ba, wato wanda zai sake zama a matsayin kandida libir. Zan yi misali da seri D, domin ita ce ta fi wahalar karantawa a gida, amma ɗan A4 ko A8 ko C zai iya bin hanyar da nasa darussa. Da namiji nake magana don sauƙin rubutu, ƙanwata ma da ke nake.

A mafi yawan shekaru ana zaman bak tsakanin Yuni da Yuli, saboda haka watan farko na shirinka shi ne Agusta. Yawancin yara suna barin wannan wata ya wuce cikin baƙin ciki da zaman fada, su ce sai an koma lakwal a Oktoba. Wanda zai koma aji yana da malamin da zai ja shi. Kai ba ka da kowa, kuma aikin da za a yi a Agusta ba a iya yin sa a wani wata.

Makon farko: takardar makinka

Kada ka buɗe littafi tukuna. Je ka karɓo rilebe, takardar da ke nuna makin da ka samu a kowane darasi da kwafisiyan ɗinsa. Da yawa ba su karɓa, don ba su son ganin abin da ke ciki, alhali ita ce kaɗai takardar da ke faɗin gaskiyar inda ka faɗi.

Ka san ƙa'idar: ana ninka makin kowane darasi da kwafisiyan ɗinsa, a tara, a raba da jimlar kwafisiyan. Wanda ya kai 10 bisa 20 ya samu. Bari mu yi lissafin da wani yaro na misali. Lambobin kwafisiyan da zan sa na koyon lissafi ne, kai ka ɗauki waɗanda ke kan takardarka. Mu ce mat 5, fizik da shimi 5, SVT 5, Faransanci 3, filo 2, tarihi da labarin ƙasa 2, Ingilishi 2. Jimla 24 ke nan, saboda haka ana buƙatar maki 240.

Yaron ya samu 4 a mat, 6 a fizik da shimi, 9 a SVT, 9 a Faransanci, 7 a filo, 11 a tarihi, 10 a Ingilishi. In an ninka an tara:

```
20 + 30 + 45 + 27 + 14 + 22 + 20 = 178
178 / 24 = 7,42
```

Maki 62 suka rage masa. Amma ba na so ya nufi 240 daidai. Wanda ya nufi 10 yakan sauka a 9, domin ranar jarrabawa kullum akwai abin da ke zubewa: zazzaɓi, tambayar da ba a zata ba, tsoro. Ya nufi 11, wato 264. Giɓin ya zama 86.

Yanzu daga ina 86 za su fito? In ya ɗaga mat daga 4 zuwa 10, ya samu 30. Fizik da shimi daga 6 zuwa 11, ya samu 25. SVT daga 9 zuwa 12, ya samu 15. Saba'in ke nan daga darussa uku. Sauran 16 za su fito daga ƙarin maki biyu a Faransanci, biyu a filo, biyu a tarihi, da ɗaya a Ingilishi.

Dubi abin da lissafin ya nuna. Wannan yaro yana son tarihi, don shi ne darasin da yake jin daɗinsa, kuma in an bar shi da kansa a kansa zai ƙare dare. Amma ko ya kai tarihi 16, maki 10 kawai ya ƙara. Maki biyu kacal a mat suna ba shi wannan goman. Kuma ɗaga 4 zuwa 10 ya fi ɗaga 11 zuwa 16 sauƙi nesa ba kusa ba, domin tambayoyin farko na kowane egzasis masu sauƙi ne, an sa su ne don wanda ya san darasi ya kwashe. Rubuta naka lissafin a takarda guda, ka manna a bangon ɗaki. Duk shekara ita za ta raba maka gardama tsakanin abin da kake so da abin da ya kamata.

Mako na biyu: gano irin ciwon

Maki 4 a mat bai faɗa maka dalili ba. Dalilin sai ka nemo shi. Samo takardun jarrabawar bara na manyan darussa uku, ka zauna kamar ranar bak: agogo a gaba, waya a wani ɗaki, ba kaye, ba mai taimako, tsawon awannin da aka rubuta a kan takardar. Darasi ɗaya a rana. Sannan ka kwatanta da gyaran, ko ka kai wa wani malami ko ɗalibin jami'a ya duba.

Kowane makin da ya zube ka sa shi a ɗaya daga gida uku. Gida na farko: ban san darasin ba sam. Na biyu: na san darasin, amma ban san ta inda zan kama tambayar ba. Na uku: na kama daidai, hannu ya zame a hanya, ko lokaci ya ƙare. Maganinsu ya bambanta. Na farko karatu yake so, na biyu yawan egzasis, na uku kuwa shi ne mai yaudara, don yaro yakan ce ai ɗan kuskure ne, ya wuce.

Ga misalin da na fi gani a takardun yara. An ba da:

```
f(x) = (2x + 1) / (x − 3)
f'(x) = [2(x − 3) − (2x + 1)] / (x − 3)²
```

Yaron ya san ƙa'idar, ya rubuta ta daidai. Da ya zo buɗe baka sai ya rubuta 2x − 6 − 2x + 1, ya samu −5, alhali alamar ragi tana shafar duk abin da ke cikin baka, amsar kuwa −7 ce. A nan alamar ba ta sauya ba, ya yi sa'a. A wata tambayar irin wannan zamiya tana juya alamar gaba ɗaya, tabulon hawa da sauka ya kife, zanen ya kife, kuma babbar tambayar ƙarshe, wadda ta fi kowace maki, ta tafi. Wannan ba ciwon tarminal ba ne, tun kolej aka taho da shi.

Haka a shimi. An narka giram 4 na NaOH, an cika ruwa zuwa mililita 500, kuma M = 40 g/mol. Yaron ya samu n = 0,1 mol daidai, sai ya raba da 500 maimakon 0,5. Amsar da ya kamata ta zama 0,2 mol/L ta koma 0,0002, kuma pH da duk abin da ya biyo baya ya lalace. Bai kasa shimi ba, juya mililita zuwa lita ne bai zauna masa ba.

In ka ga gida na uku ya fi cika, labari ne mai daɗi, don shi ne mafi saurin gyaruwa.

Mako na uku da na huɗu: komawa baya

Nan ne girman kai ke cutar da mutane. Ɗan tarminal yana jin kunyar a gan shi da littafin sagwand. Ni kuwa ina ganin waɗannan makonni biyu su ne mafi riba a shekarar. Wanda zai ɗora bene sai ya tona ya ga harsashin.

A mat, ka tsaya kan abu huɗu: lissafin ɓangarori da buɗe baka, nemo alamar irin su x² − 5x + 6 (tushensa 2 da 3, kuma tsakaninsu ne yake ƙasa da sifili), deribe na dukkan siffofin da aka koya a firamiyar, da kusurwoyin da aka saba da su a tirigonometiri. Kowace safiya egzasis goma gajeru, kuma ma'aunin wucewa shi ne takwas daidai cikin goma, kwana uku a jere, ba tare da leƙa kaye ba. In ba ka kai ba, ka zauna a wurin. A fizik da shimi ka gyara juya ma'aunai, lissafin mol, daidaita ekwasiyo, da rarraba bektar a kan layuka biyu, domin duk darasin motsi a kansa yake tsaye. A SVT ka koma kan rabuwar ƙwayar halitta iri biyu, mitoz da meyoz. Wanda bai gane meyoz ba zai haddace 9, 3, 3, 1 a jenetik, amma ranar da aka kawo gadon da bai bi wannan rabo ba, zai tsaya cik.

A cikin waɗannan makonni kuma ka sayi kaye guda na musamman, na kurakurai. Kowane shafi ka raba shi biyu: hagu abin da ka rubuta ba daidai ba, dama gyaran da dalilin a jimla ɗaya. Wannan kaye shi za ka karanta a makon ƙarshe, ba littattafai ba.

Akwai zama biyu da ya kamata ka yi kafin Agusta ya fita. Na farko da mahaifinka ko wanda ke riƙe da kai. Damina ce, akwai gona, akwai shago, akwai aike, kuma a idon gida wanda ba ya zuwa lakwal ba shi da aiki. Kada ka ce masa kawai kana son karatu. Kai masa takardar lissafin, ka ce: Baba, ga inda na faɗi, ga abin da nake nema, ina roƙon a bar mini daga asuba zuwa hantsi, sauran yinin na gida ne. Dattijo yana girmama magana mai iyaka. Ke kuma ƙanwata, da Inna za ki yi wannan zama, ki nemi a sauya miki aikin safe da na yamma, domin ɗiban ruwa da girki suna cinye daidai lokacin da kai ya fi buɗewa.

Zama na biyu da wani aboki da zai koma tarminal a bana, a Lise Amadou Kouran Daga ko wata makarantar. Ku yi alkawari: duk mako zai ba ka kayensa ka ga inda aji ya kai, kuma duk dabuwar da aka yi musu zai kawo maka takardar. Babban haɗarin kandida libir shi ne bai san ya makara ba sai Afrilu. Wannan aboki shi ne agogonka.

Yadda mako zai kasance

Awa biyar a rana, kwana shida, talatin ke nan. Ya isa, in na gaske ne. Ga yaronmu na misali zan raba su haka: mat 9, fizik da shimi 7, SVT 6, Faransanci 3, filo 2, tarihi 2, Ingilishi 1. Awa uku bayan sallar asuba na darasi mai nauyi ne, awa biyu bayan la'asar ko bayan isha'i na sauran. Kada ka dogara da dare kaɗai, ka san yadda wuta take a garin nan. Fitila mai caji da rana ta fi sabuwar waya amfani a wannan shekara.

A kowace awa ta mat ko fizik, kashi ɗaya cikin uku karatu ne, biyu kuwa bik a hannu. Yaro yakan karanta gyaran egzasis, ya gyaɗa kai, ya ce ya gane. Gwajin yana da sauƙi: rufe littafin, ɗauko farar takarda, sake yi. In ka kasa, kallo ka yi.

Maganar rukunin karatu kuwa, ina goyon bayansa da sharaɗi. Mutum uku ko huɗu, allon bango da alli, sau biyu a mako, kuma kowa ya zo da abin da ya riga ya gwada shi kaɗai. In aka wuce biyar, aka ɗora shayi, ya zama fada. Wanda ke da halin biyan darasin yamma, ya biya na darasin da lissafinsa ya nuna, ba duka ba.

Satumba zuwa Disamba

Watanni huɗu na sabon gini. A mat ka fara da iyakoki da nazarin fonksiyo, ka shiga logaritim da eksponansiyal da wuri, kafin ajin abokinka ma, domin babbar tambayar bak D yawanci a kansu take, kuma suna son watanni kafin su zauna. Lambobin kwampileks su biyo baya. A fizik, dokokin Newton da motsin abin da aka jefa. A shimi, asid da baz. A SVT, ka bi jerin ajin abokinka, amma duk darasi ka zana hotunansa da hannunka, ka sa sunaye, don ana ba da maki a kan zane da fassara takardun gwaji.

Faransanci da filo ba su shiga da hadda. Duk mako biyu ka rubuta disertasiyo guda cikakkiya, ka nemi mai karanta maka. In babu, ko gabatarwa da tsarin kawai ka rubuta cikin minti arba'in. Mai gyara yana gane wanda ya fahimci tambaya tun daga layuka goma na farko.

A wannan zango ne kuma za ka shirya dosiye. Hukumar OBEECS ce ke shirya bak, kuma ana rufe karɓar takardu watanni kafin jarrabawa. Ɗan aji makaranta ke tuna masa, kai kuwa in ranar ta wuce, shekarar ta wuce. Tun Oktoba ka je ka tambayi jerin takardun bana da inda ake ajiyewa, ka tanadi takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, shaidar BEPC, hotuna, da kuɗin rajista. Abu ɗaya ka duba da idon basira: sunanka da ranar haihuwarka su zama iri ɗaya a kowace takarda, harafi da harafi. A wata an rubuta Mahamadou, a wata Mamadou, gyaran wannan yana iya cin makonni, saboda haka a fara shi da wuri.

A ƙarshen Disamba ka sake zama kan takardar jarrabawar da ka yi a Agusta. In mat ya tashi daga 4 zuwa 7 ko 8, kana kan hanya. In bai motsa ba, kada ka ƙara awanni. Duba kayen kurakurai. In kuskure ɗaya ya dawo sau uku, harsashin ne bai gyaru ba, ka koma masa mako guda.

Janairu zuwa Maris

Sanyin hunturu lokacin gudu ne. Ka gama abin da ya rage: entegiral, lissafin yiwuwa, jerin lambobi, darussan lantarki, shimin alkol da estar, sauran SVT. Ƙarshen Maris ne iyakar sabon darasi. A ƴan shekarun nan azumi yana faɗowa a cikin wannan zango, saboda haka ka lissafa shi tun farko: bayan sahur zuwa hantsi ka riƙe awanninka uku, na yamma ka rage su, ka ɗauka cewa watan zai ba ka kamar kashi biyu cikin uku na aikin da ka saba.

Wata jaraba tana zuwa a nan, ta tsallake darasi. Za ka ji ana cewa kaza ya fito bara, ba zai fito bana ba. Kada ka saye wannan magana. In lokaci ya ƙure, gara ka san ma'anoni da egzasis masu sauƙi na kowane darasi da ka bar guda babu komai, domin rabin makin egzasis yana cikin tambayoyinsa na farko.

Afrilu da Mayu

Zafin Damagaram a waɗannan watanni ba ya barin kai ya yi aiki da rana, saboda haka duk abu mai nauyi ya koma asuba. Aikin yanzu tsofaffin takardun bak ne, na Nijar tukuna, sannan na maƙwabta masu irin tsarinmu. Uku a mako, da agogo. Ka koyi tsarin zama: minti goma na farko karanta takardar duka, fara da egzasis da ka fi iyawa, kuma duk tambayar da ta riƙe ka fiye da minti goma ka bar mata fili ka wuce. In takarda ta ce a nuna cewa abu kaza daidai yake da kaza, ta ba ka amsar ke nan. Ko ka kasa nunawa, ɗauke ta ka ci gaba da tambaya ta gaba.

Duk ƙarshen mako ka sa makin da ka samu cikin lissafin bango, ka ga jimlar. In wata makaranta ta yarda ka zauna jarrabawar gwaji tare da ɗalibanta, ka je, don wanda ya shekara yana karatu shi kaɗai yakan manta yadda zama cikin ɗaki mai cike da mutane yake. Ka sa kunne kuma kan ranar jarrabawar motsa jiki da ranar karɓar takardar kira, domin su ma ba mai zuwa gida ya faɗa maka.

Yuni zuwa ranar zama

Ba sabon abu. Kayen kurakurai, ƙa'idojin da ka tattara, zanen SVT, ranakun tarihi. Ka daidaita barcinka da lokacin jarrabawa tun makonni biyu kafin ta, ka daina raba dare. Damina ta kusa, sauro ya dawo, ka kwana cikin gidan sauro. Kwana ɗaya kafin a fara ka je ka ga cibiyar da ɗakin da lambarka take, ka san nisan, ka shirya abin hawa, ka haɗa takardar kira da katin shaida da bik biyu da kayan zane wuri guda.

In an gama zagayen farko, kada ka ajiye kaye. Waɗanda suka kusa kaiwa ana kiran su zagaye na biyu, kuma kwanakin da ke tsakanin fitar sakamako da wannan zama kaɗan ne. Ka huta yini guda, sannan ka koma kan manyan darussanka awa biyu kowace safiya har ranar da za a kira sunaye.